Daƙiƙa Sittin a Kan Gadar Altamaha

Ranar Alhamis, 20 ga Fabrairun 2014, ma'aikatan fim kimanin ashirin suka hau wata tsohuwar gadar jirgin ƙasa da ta ratsa kogin Altamaha, a jihar Jojiya ta Amurka. Fim ɗin Midnight Rider suke shiryawa, kan rayuwar mawaƙi Gregg Allman, wanda jarumi William Hurt zai fito a madadinsa. Darakta Randall Miller yana so a nuna mawaƙin cikin mafarki, kwance a gadon asibiti. Sai aka ɗauko gadon ƙarfe aka gicciya shi a kan layin dogo.

Kamfanin da ya mallaki filin da ke bakin kogin ya yarda su shiga. Amma gadar da layin na kamfanin jiragen ƙasa na CSX ne, kuma sau biyu ana neman izininsa yana hanawa. Yawancin ma'aikatan ba su san da wannan ba. Sun ga an buɗe musu ƙofa, sun ɗauka manya sun gama magana. Ba a tara su an yi musu bayanin haɗarin wurin ba, ba a zo da ma'aikacin jinya ba, kuma babu wakilin kamfanin jirgin ko ɗaya. Suka jira jirage biyu suka wuce, da zaton shi ke nan. Abin da aka faɗa musu kawai shi ne, in wani ya taho, suna da daƙiƙa sittin su sauka.

Wannan daƙiƙa sittin ita ce dukkan tanadin da aka yi wa rayukansu, kuma ba wanda ya gwada ta. Jirgin kaya mai gudun kusan kilomita 90 a awa yana cin mita 25 kowace daƙiƙa. Kafin a ce akwai minti guda, sai an hango shi tun yana nesa da kilomita ɗaya da rabi. Ko direba ya taka birki nan take, irin wannan jirgi yakan ci tazara kamar haka kafin ya tsaya. Su kuma mutanen suna kan gada mai siririyar hanyar ƙafa, ruwa a ƙarƙashinsu, ga kyamara da jakunkuna a hannu, ga gadon ƙarfe. Mafi muni, hanyar sauka mafi kusa tana ɓangaren da jirgin zai ɓullo.

Da an zauna auna haɗarin tun kafin ranar, tambayar farko ita ce: wa ke da ikon tsayar da jirage? Amsa ɗaya ce, mai layin. Shi zai ba da izini a rubuce, ya rufe layin na wani lokaci, ya turo ma'aikacinsa da zai riƙa magana da masu sarrafa zirga-zirga. In ya ƙi, magana ta ƙare, sai a gina guntun layi a wani fili ko a sauya labarin. In ya yarda, mataimakin darakta na ɗaya zai riƙe agogo, a gwada kwashe mutane da kaya daga gadar, a ga ainihin lokacin da ake ci. Tun da aikin a saman ruwa ne, sai a rage masu hawa, a sa musu rigar ceto, a ajiye kwalekwale da gwanin iyo a ƙasan gadar, ta inda ruwa zai kai wanda ya faɗa. Ba a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Da yamma jirgi na uku ya yi kuwwa. Mutane suka ruga, suna fuskantar jirgin. Aka yi ƙoƙarin janye gadon, ya ƙi fita gaba ɗaya. Jirgin ya daki gadon ya tarwatsa shi. Ɓaraguzan suka bugi Sarah Jones, mataimakiyar mai kyamara, 'yar shekara 27, suka jefa ta gaban jirgin, ta rasu nan take. Wasu da dama suka ji rauni, har da mai gyaran gashi da ta karye a hannu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Sarah ƙaramar ma'aikaciya ce. Ba ita ta ga saƙon hanin ba, kuma mai irin matsayinta da wuya ya ce wa darakta ba zai hau ba.

A watan Maris na 2015 Miller ya amsa laifin kisa ba da gangan ba da shiga wuri ba izini. Aka yanke masa shekara goma, biyu a kurkuku, sauran a waje bisa sharuɗɗa, ciki har da hana shi ba da umarnin fim. Ya yi kusan shekara guda a tsare. Mataimakiyar darakta ta ɗaya, wadda tsaron ma'aikata ke wuyanta, ita ma aka sa ta ƙarƙashin sharuɗɗan kotu na shekara goma. Ba a ƙarasa fim ɗin ba.