Kafin ka kama ɗaki a ƙaramin masaukin Birtaniya: mota, karin kumallo, yara da karnuka

Duk shekara idan damina ta kankama a nan gida, jami'o'in Birtaniya na bikin yaye ɗalibai, kuma iyaye daga Kano, Kaduna, Abuja da sauran garuruwanmu kan ɗunguma su je ganin 'ya'yansu sun karɓi digiri. A irin wannan mako manyan otal-otal na cika maƙil, kuɗinsu kuma ya yi tashin gwauron zabo, sai ɗalibin ya nemo wa iyayensa ƙaramin masauki irin wanda ake rubuta wa B&B a allon ƙofa, wato kwana da karin kumallo. Kuɗinsa ya fi sauƙi, ga tsafta, ga mai gida da sakin fuska. Sai dai wanda ya shiga da tunanin otal ya shiga, yakan sha mamaki.

Irin wannan masauki gidan mutum ne. Sau da yawa mata da miji ne suka sayi tsohon gida mai hawa biyu ko uku, suka gyara ɗakuna biyar ko takwas don baƙi, su kuma suna zaune a wani sashe. Matar da ta buɗe maka ƙofa ita ce za ta soya maka ƙwai da safe, mijinta ne zai canja zanen gado. Babu ma'aikacin da ke zaune a kanta yana jiran ka tsakar dare. Dokokinsu a kan mota, abinci, yara da dabbobi duk daga wannan ƙanƙanta suka samo asali, kuma waɗannan huɗun su ne abin da baƙi suka fi tambaya.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi. A ce wani magidanci ne da uwargidansa da yara biyu, mai shekara bakwai da mai shekara biyu, za su kwana uku a York da ke arewacin Ingila, sun kuma yi hayar mota daga filin jirgin Manchester.

York tsohon birni ne mai ganuwa, kuma unguwanni irin su Bootham, inda masaukai suka yi yawa, gidajensu a jere suke bango da bango, an gina su tun kafin mota ta zama abin kowa. Don haka masauki mai ɗaki takwas na iya kasancewa da wurin mota uku kacal a bayansa. Idan sun ce akwai wurin ajiye mota, tambayar da ta kamata ita ce: za a keɓe min gurbi da sunana, ko wanda ya riga zuwa shi ke samu? Amsar farko ce kaɗai alkawari. Wasu kuma abin da suke nufi shi ne bakin titi, kuma titin na mazauna unguwa ne masu takardar izini. Mai masaukin zai ba ka izinin baƙo, ko dai kati da za ka ajiye a cikin gilashin gaba ko ya yi rajistar lambar motarka. Ka tambaya ko na awa nawa ne, da wanda zai biya.

Fentin da ke gefen titi shi ma magana yake yi. Layi biyu ruwan ɗorawa na nufin ba a ajiye mota a wurin, dare da rana. Layi ɗaya na nufin an hana a wasu awoyi, waɗanda ke rubuce a wani ɗan allo kusa. A wajen Landan, tarar ƙaramar hukuma a Ingila fam 50 ce ko fam 70 gwargwadon laifin, ana rage rabi ga wanda ya biya cikin kwana 14. Wanda ya ce ai gobe zai bar ƙasar bai tsira ba, domin takardar za ta je wa kamfanin hayar mota, su kuma suna da lambar katinsa, kuma sukan ɗora nasu kuɗin ɗawainiya a kai. Ni a ganina iyalin nan ba su ma buƙatar mota a cikin York. Garin da ƙafa ake zaga shi, kuma daga filin jirgin Manchester ana iya zuwa ta jirgin ƙasa. Ga tuƙi a hannun hagu, wanda Nijeriya ta bari tun 1972.

Karin kumallo shi ne inda Musulmi ya fi buƙatar natsuwa. Abin da masu masauki ke alfahari da shi shi ne farantin da suke kira full English: ƙwai, wake a miyar tumatir, gasasshen tumatir, naman kaza, gasasshen burodi, sannan yankakken naman alade da tsiran alade. Wani lokaci akwai wani baƙin abu zagayayye da ake rubuta wa black pudding a jerin abinci. Sunan ya yi kama da na kayan zaƙi, amma da jini ake yin sa, galibi na alade, a haɗa da kitse da hatsi.

Cewa "a cire min naman" kaɗai ba ta wadatar ba. A ɗan ƙaramin kicin mai murhu ɗaya, ana iya soya ƙwai da naman kaza a kaskon da aka gama soya alade. Abin da ya fi shi ne ka sanar tun lokacin kama ɗaki cewa ba ku cin alade, kuna son farantin marasa cin nama, a kasko daban. Wannan roƙo ba baƙo ba ne a wurinsu, masu ƙin nama suna da yawa a ƙasar. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba sai ya nemi dafaffen ƙwai da ɓawonsa, ko kunun alkamar Turawa da madara, ko kyafaffen kifi inda ake yin sa, ga burodi da man shanu da 'ya'yan itace. Naman halal kuwa kada a sa rai da shi a ƙaramin masauki, sai wanda ya faɗa da bakinsa.

Idan akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, madara, ƙwai, kifi ko riɗi, a faɗa. Dokar ƙasar ta wajabta wa mai sayar da abinci ya bayyana ko abincinsa na ɗauke da ɗaya daga abubuwa 14 da aka sani suna tayar wa mutane da borin jini, kuma waɗannan biyar na ciki.

Lokacin cin abincin gajere ne, yawanci daga ƙarfe takwas zuwa tara ko tara da rabi, domin masu dafawar su ne masu gyaran ɗakuna. Wanda ya koma barci bayan asuba ya sauko goma saura, sai ya tarar an kwashe tebur, kuma ba a mayar da kuɗi. Idan tafiyar ta faɗo cikin azumi, a roƙi a haɗa wani abu tun dare a kai ɗaki don sahur. Da yawa sukan yi idan an faɗa da wuri. A ɗaki za a tarar da butar lantarki da ganyen shayi, amma girki an hana. Haka ma turaren wuta, Hajiya ta haƙura da shi kwana ukun nan, saboda na'urar jin hayaƙi da ke manne a rufi ba ta bambance turare da gobara, kuma idan ta fara ihu gidan gaba ɗaya za a tashi.

A nan gida ba ma lissafa jinjiri cikin masu kwana, ai a bayan uwarsa yake. A can ana ƙirga shi. Kowane ɗaki yana da adadin mutanen da aka tsara masa, kuma mai masauki na da inshora da ƙa'idojin kashe gobara a wuyansa. Iyalin da suka kama ɗakin mutum biyu suka iso su huɗu, mai gida na iya cewa ba zai yiwu ba, a makon da babu ɗaki ko ɗaya a gari. Wasu masaukan ma ba sa karɓar yara sam, za ka ga an rubuta adults only, wasu kuma sai daga shekara 12 ko makamancin haka. Ba su karya doka ba: kariyar da dokar daidaito ta 2010 ta bayar kan nuna bambancin shekaru a harkar kasuwanci ta shafi 'yan 18 ne zuwa sama.

Mu koma ga iyalinmu da lissafi, da farashin misali kawai. A ce ɗakin mutum biyu fam 110 ne a dare, wato fam 330 a kwana uku. Mai shekara bakwai sai an ƙara masa gado da karin kumallo, a ce fam 20 a dare, fam 60 ke nan. Gadon jinjiri a ce fam 10 gaba ɗaya, wurin mota fam 10 a dare, fam 30. Jimilla fam 430, ƙarin fam 100 a kan abin da magidancin ya gani da farko. Ƙila a gida na gaba akwai ɗakin iyali a fam 135 da wurin mota kyauta, wanda zai tsaya a fam 405. Shi ya sa ake faɗin shekarun kowane yaro a nemi jimilla a rubuce kafin a biya. A kuma tambayi hawa na nawa ɗakin yake, domin tsofaffin gidajen nan ba su cika samun lifta ba, matakalarsu ƙunci gare ta, ga akwatuna, ga goyo, ga mai ciwon gwiwa. Motar hayar ma tana buƙatar kujerar yara guda biyu, tunda doka ta ce yaro ya zauna a irinta har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, duk wanda ya riga zuwa.

Batun dabbobi, ba wanda zai ɗauki kyanwarsa daga Kano ya kai ta York, amma ya shafe mu ta ɗaya ɓangaren. Turawan Ingila suna tafiya hutu da karnukansu, masaukai da yawa kuma na tallata kansu da kalmar dog friendly, suna karɓar ɗan ƙarin kuɗi don shara. Ma'anar haka ita ce ɗakin da za a ba ka ƙila kare ya kwana a kan kafet ɗinsa jiya. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, Shafi'iyya kuwa sun tsananta. Amma ko ba don fiƙihu ba, mutane da yawa ba za su so shimfiɗa darduma a wurin ba, mai asma kuma gashin kare ko na kyanwa kan tayar masa da ciwo. Yawancin masu karɓar karnuka ɗaki ɗaya ko biyu suke keɓe musu, galibi a hawan ƙasa, don haka sai ka nemi ɗakin da ba a sa dabba. Ka tambaya kuma ko masu gidan kansu suna da kare ko kyanwa, da ko suna shiga ɗakin cin abinci.

Ko a masaukin da ya rubuta ba ya karɓar dabbobi, za ka iya sauka da safe ka ga kare kwance a ƙarƙashin teburin wani. Karen jagora ne na makaho, ko na mai wata lalura, kuma dokar nan ta 2010 ba ta yarda a kori mai shi saboda karen ba. Kai ƙara wurin mai gida ba zai yi amfani ba, don ba shi da ikon fitar da shi. Waɗannan karnuka horarru ne, ba sa kula kowa. A ja wa yara kunne kada su taɓa shi ko su miƙa masa burodi, idan kuma kusancin ya dame ku, a nemi a sauya muku tebur.