Mutum Nawa Za a Sa a Taga? Yadda Ake Lissafa Ma'aikatan Kowace Awa

Duk wanda ya taɓa zuwa babban asibiti da safe ya san yadda wurin yankar kati yake: layi har bakin ƙofa, masu goyo a tsaye, tsofaffi sun jingina da bango. In ka koma wurin da la'asar sai ka tarar ma'aikata zaune, ba kowa a gabansu. Jama'a kan ce ma'aikata sun yi kaɗan, shugabanni kuma su ce ai da rana ba abin da suke yi. Kowa da gaskiyarsa, domin sau da yawa matsalar tana wajen rabon mutane a kan awoyi ne. Aiki ba ya zuwa daidai wa daida tun safe har yamma, don haka kowace awa tana buƙatar nata lissafin. Lissafin kuwa bai fi ƙarfin mai biro da takarda ba.

Lambobi biyu da za a fara nema

Abu na farko shi ne mutum nawa ke isowa a kowace awa. Na biyu shi ne minti nawa ake ɗauka kafin a sallami mutum ɗaya. Idan aka ninka na farko da na biyu, aka raba da 60, an sami nauyin aikin wannan awar, wato yawan ma'aikatan da aikin zai cinye lokacinsu kaf.

```
nauyin aiki = (masu isowa a awa × mintin sallamar mutum ɗaya) ÷ 60
```

Bari mu ƙaddara wani wurin yankar kati da ke buɗewa ƙarfe 8 na safe ya tashi ƙarfe 4 na yamma. Lambobin na misali ne, amma yanayinsu sananne ne. A awar farko mutum 90 ke isowa, a ta biyu 75, a ta uku 60, a ta huɗu 45. Daga 12 zuwa 2 mutum 30 ne a kowace awa, daga 2 zuwa 4 kuma mutum 15 a kowace awa. Jimilla mutum 360 ke nan a yini, kuma sallamar kowane ɗaya na cin minti 4.

Inda lissafin yini ke yaudara

Shugaban da ya duba jimilla kawai zai ce mutum 360 sau minti 4 ya ba da minti 1,440, wato aikin awa 24. A raba wa awa 8 na aiki, ma'aikata uku sun isa. A takarda lissafin ya fita, amma mu bi shi awa bayan awa mu gani.

Ma'aikaci ɗaya na sallamar mutum 15 a awa, uku kuma 45. Zuwa ƙarfe 9 mutum 90 sun iso, an sallami 45, saura 45 a layi. Zuwa ƙarfe 10 layin ya kai 75, zuwa 11 ya kai 90. Wanda ya iso a wannan lokacin zai yi awa biyu cur kafin ya kai taga, tun bai ma ga likita ba. Layin ba zai ƙare ba sai ƙarfe 4, kuma hakan ma sai in babu wanda ya tashi yin salla ko cin abinci. Ga mai zazzaɓi ko mai ciki, awa biyu a tsaye ba ƙaramar wahala ba ce.

In aka yi lissafin kowace awa daban, hoton zai canza. Awar farko mutum 90 sau minti 4 a raba da 60, nauyinta 6 ne. Ta biyu 5, ta uku 4, ta huɗu 3. Awoyi biyu na tsakar rana nauyin kowacce 2, biyun ƙarshe kuma 1. Aikin safe ya ninka na yamma sau shida, alhali an zuba wa dukansu mutum uku.

Dalilin barin sarari

Mai karatu zai ce to a sa mutum shida da safe mana. Shida ba za su isa ba, domin lissafin ya ɗauka cewa mutane na shigowa a jere, da zarar wannan ya tashi wancan ya iso. A zahiri mota kan sauke mutum goma a lokaci guda, sannan a yi minti biyar shiru. Mintin da ma'aikaci ya zauna ba kowa ya tafi ke nan, ba a ajiye shi don anjima, amma mutanen da suka taru suna nan suna jira. Saboda haka duk wurin da aka cika wa ma'aikata lokacinsu ɗari bisa ɗari, layinsa tsawo zai riƙa yi.

Wanda ya fara warware wannan da lissafi shi ne Agner Krarup Erlang, masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark da ya yi aiki a kamfanin tarho na birnin Copenhagen. A 1909 ya nuna yadda za a yi amfani da ilmin yiwuwa wajen fahimtar shigowar kiraye-kirayen waya, a 1917 kuma ya fitar da ƙa'idojin da ke nuna layukan waya nawa ake buƙata. Har yau cibiyoyin amsa kiran waya na amfani da ƙa'idar da ake kira Erlang C wajen tsara ma'aikatansu.

In muka sa awarmu ta farko a wannan ƙa'ida, ma'aikata bakwai za su sa matsakaicin jira ya zama kusan minti biyu da rabi, takwas kuma su mayar da shi ƙasa da minti ɗaya. A nan shugaba zai yanke shawara: jiran minti nawa ya yarda jama'arsa su yi, kuma nawa zai iya kashewa? Asibiti zai iya wadatuwa da bakwai, amma layin kiran gaggawa zai so takwas ko fiye.

Ga wanda ba shi da manhajar wannan lissafi, akwai hanya mai sauƙi. A ɗauka cewa minti 48 kawai cikin 60 ma'aikaci zai yi yana sallama, wato kashi 80 cikin ɗari. Sai a raba nauyin aiki da 0.8, in an sami ɓurɓushi a cike shi zuwa sama. Awoyinmu takwas za su buƙaci ma'aikata 8, 7, 5, 4, 3, 3, 2 da 2.

Sai dai wannan hanya tana da iyaka, domin ƙaramin wuri ya fi buƙatar sarari. Ma'aikata biyar da ke aiki kashi 80 cikin ɗari, jiran da ke gabansu bai fi minti biyu da 'yan daƙiƙu ba. Ma'aikaci ɗaya tilo a kan wannan kason, mai karɓar mutum 12 a awa, matsakaicin jiransa zai kai minti 16, saboda in mutum ɗaya ya riƙe shi babu wata tagar da sauran za su koma. Shi ya sa layi ɗaya mai ciyar da tagogi da yawa ya fi a ba kowace taga layinta.

Daga taga zuwa jadawali

Lambobin da muka samu na waɗanda ke zaune a taga ne, ba na waɗanda sunansu ke cikin rajista ba. In aka tara su, ana buƙatar awa 34 na zaman taga a yini. Ma'aikaci kuwa ba ya ba da awa 8 ɗinsa duka. Akwai salla, cin abinci, taro, ga hutun shekara da rashin lafiya. A ce bayan an cire waɗannan, awa 6 ke saura ga kowane mutum. Awa 34 a raba da 6 ya ba da kusan mutum shida.

Shida sun ishi yini, amma ba su kai takwas ɗin da safiya ke nema ba. In aka ɗauki takwas su wuni a taga, za a biya awa 64 don aikin awa 34. Abin da ya fi dacewa shi ne a aro mutum biyu daga ɗakin ajiye fayil daga 8 zuwa 9, ɗaya ya tsaya har 10. Da rana ta yi, waɗanda taga ba ta buƙata su koma su taya mayar da fayil. Aikin da zai iya jira, irin su jera takardu da haɗa rahoto, a tura shi awoyin da ba cunkoso. Hutu ma a fara shi bayan ƙarfe 11, a riƙa tashi bi da bi, kuma an yi sa'a lokacin azahar ya faɗo inda mutum uku suka wadatar.

Kurakuran da ke ɓata lissafin

Babban kuskure shi ne ƙirga waɗanda aka sallama a maimakon waɗanda suka iso. Rajistar tagar mutum uku za ta nuna 45 a kowace awa, domin iyakar abin da suke iya yi ke nan, sai a zaci aikin a shimfiɗe yake. Dole a sa wani a bakin ƙofa ya riƙa rubuta lokacin isowa, ko a raba lamba mai ɗauke da lokaci. Waɗanda suka yi sammako suka taru kafin a buɗe, a ƙirga su daban a ɗora a kan awar farko. A yi ƙidayar makonni da dama, a ware kowace rana, domin Litinin ba ɗaya take da Alhamis ba, ranar kasuwa daban take, haka ma damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke yawaita.

Kuskure na biyu yana wajen auna minti. A fara auna lokaci daga sa'ad da mutum ya tsaya a taga har zuwa sa'ad da ma'aikaci ya shirya karɓar na gaba, har da neman fayil da rubutun da ake yi bayan mutum ya wuce. Kada a auna gwanin ma'aikaci kaɗai. A kuma lura cewa minti 4 ɗin nan gauraye ne. Sabon zuwa na iya cin minti 7, mai tsohon kati minti 3, kuma in ɗaya cikin huɗu ne sabo, matsakaici ya zama 4. Ranar da rabin masu zuwa suka zama sababbi, matsakaici ya koma 5, nauyin awar farko ya tashi daga 6 zuwa 7.5. Ƙarin minti ɗaya tak ya ci mutum ɗaya da rabi.

Alamun kuskure ba sa ɓuya. In layi na tsawo awa biyu a jere, ma'aikata sun gaza nauyin aiki. In lokacin sallama ya fara ƙaruwa da rana, ko kurakuran rubutu suka yawaita, an matsa wa ma'aikata fiye da kima. In kuwa layin kati ya ɓace amma benci ya cika a ƙofar likita, an dai matsar da cunkoson gaba ne, sai a yi wa ɗakin likita da na shan magani irin wannan lissafin.

Duk mai kula da taga, ko ta asibiti ce ko ta banki ko ta tashar mota, zai iya farawa da ƙidayar mako biyu da agogon wayarsa. Bayan wata guda ya sake gwada abin da ya lissafa da abin da ya faru, ya gyara inda suka saɓa. Da waɗannan lambobin zai san ko sauya jadawali zai wadatar, in kuma ƙarin ma'aikata yake nema, zai je gaban na sama da shi da hujjar da ke nuna awa nawa da mutum nawa.