Takardu Uku da Ake Gwadawa Kafin a Biya Mai Kawo Kaya

Duk kamfani, makaranta, asibiti ko ma'aikatar da ke sayen kaya a kan bashi tana karɓar takardar neman biya daga mai kawo kayan, wadda a ofisoshi ake kira inbois. Mai kaya ne ya rubuta ta, kuma abin da ke cikinta iƙirarinsa ne na kuɗin da yake bi. Saboda haka akanta ba ya biya da ita kaɗai. Sai ya ajiye ta kusa da wasu takardu biyu da mai sayen ya rubuta da kansa, wato takardar oda da takardar karɓar kaya, ya gwada su layi bayan layi. Ƙa'idar aikin gajeriya ce: farashi daga takardar oda ake ɗaukarsa, yawan kaya kuma daga takardar karɓa. Duk abin da inbois ya nema wanda waɗannan biyun ba su tabbatar ba, ba a biyansa.

Abin da kowace takarda ke shaidawa

Takardar oda, wadda a Najeriya aka fi sani da LPO, ita ce ke fara fita. Sashen saye ne ke rubuta ta, mai ikon amincewa da kashe kuɗi ya sa hannu, sannan a aika wa mai kaya. Tana ɗauke da lamba da kwanan wata, da irin kayan da ake so da girmansu, da yawansu, da farashin kowane ɗaya. Tana kuma faɗin inda za a kai kayan, da wanda zai ɗauki kuɗin mota, da lokacin biya. Ita ce shaidar abin da aka daidaita a kai.

Takardar karɓar kaya, wadda kamfanoni ke kira GRN, mai kula da sito ne ke cika ta a ranar da kaya suka iso, bayan ya ƙirga ya duba. Yana rubuta lambar odar da kayan suka zo a kanta, da abin da aka sauke, da abin da ya karɓa, da abin da ya ƙi karɓa tare da dalili. A nan mutane da yawa ke rikita ta da webil, takardar da direba ke zuwa da ita. Webil daga mai kaya ta fito, tana faɗin abin da aka ce an loda wa mota ne. Abin da ya shiga sito kuwa sai takardar karɓa ke faɗinsa. Mai sito da ya kwafe adadin da ke kan webil ba tare da ƙirge ba ya rushe aikin tun daga tushe, domin akanta zai gwada maganar mai kaya ne da maganar mai kaya.

Inbois shi ne na ƙarshe. Ya kamata ya ɗauki sunan mai kaya da lambarsa ta haraji, da lambar inbois ɗin kansa, da lambar odar da yake neman biya a kanta, da lissafin kaya da harajin VAT a ware, da asusun bankin da za a tura kuɗi.

Misali a aikace

A ɗauka wani kamfanin gine-gine a Kano ya ba wani dila oda mai lamba 0412. Farashin da ke nan na misali ne. An nemi siminti buhu 600 mai nauyin kilo 50, wato tan 30, cikin tirela guda, a kan naira 9,500 kowane buhu. An kuma nemi rodi mai kaurin milimita 12 guda 200 a kan naira 8,000 kowane ɗaya. Odar ta ce farashin ya haɗa da kaiwa har wurin aiki.

Da mota ta iso, webil ta ce buhu 600. Mai sito ya ƙirga ya sami 590. A cikinsu buhu 10 sun sha ruwa a hanya sun daskare, ya mayar da su cikin mota, ya sa direba ya sa hannu. Sai ya rubuta cewa ya karɓi buhu 580 masu kyau. Rodin kuwa ya cika 200, ya auna kaurinsa ya ga ya yi daidai da oda.

Bayan kwana biyu inbois ya zo yana neman kuɗin buhu 600 a kan naira 9,800, da rodi 200 a kan naira 8,000, da kuɗin mota naira 120,000. Jimla naira 7,600,000, da VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda shi ne adadin da Najeriya ke karɓa tun Fabrairun 2020, ya kama naira 570,000. Abin da dilan ke nema duka naira 8,170,000.

Akanta yana farawa da tabbatar da cewa takardun uku na ciniki ɗaya ne: lambar oda 0412 tana kan kowace, sunan dila ɗaya ne, kuma kwanan watan oda ya riga na karɓa. Daga nan sai ya bi layukan. Layin rodi ya dace ta kowace fuska, an wuce shi. Layin siminti ya saɓa a wuri biyu. A yawan kaya, an nemi kuɗin buhu 20 da ba su shiga sito ba, wanda a farashin inbois ya kai naira 196,000. A farashi, an ƙara naira 300 a kan kowane buhu, kuma a buhu 580 wannan ya kai naira 174,000. Layin kuɗin mota kuwa ba shi da gindi a cikin oda ko kaɗan, tun da an riga an sa shi cikin farashi.

Saɓanin uku sun haɗa naira 490,000. Da yake an lissafa haraji a kansu ma, akwai ƙarin naira 36,750. Abin da ya halatta a biya shi ne kuɗin buhu 580 a kan naira 9,500, da kuɗin rodi, da VAT ɗinsu, wato naira 7,643,250. Da an biya inbois yadda ya zo, da kamfanin ya yi asarar naira 526,750 a ciniki guda, alhali lissafin da ke kan takardar babu kuskuren tarawa ko ɗaya a cikinsa.

Abin da ake yi idan an sami saɓani

Akanta ba ya soke adadi da biro a kan inbois ya rubuta nasa, domin takardar ba tasa ba ce, kuma littafin dila zai ci gaba da nuna bashin da ya rubuta tun farko. Yana dakatar da biyan ne, ya mayar da kowace tambaya ga mai ita. Batun ƙarancin buhuna na mai sito ne, shi zai kawo webil ɗin da direba ya sa wa hannu a kan ragin. Batun farashi da kuɗin mota na sashen saye ne.

Yana yiwuwa dilan ya ce farashin siminti ya tashi tsakanin ranar oda da ranar lodi, kuma jami'in saye ya amince masa ta waya. Ko da hakan gaskiya ne, maganar waya ba ta canza oda. Idan kamfanin ya yarda da ƙarin, sai an gyara odar a rubuce, wanda ya amince da ita tun farko ya sake sa hannu. Idan bai yarda ba, dilan zai aiko da takardar ragi da ke sauke bashin da naira 526,750, ko ya janye inbois ɗin ya kawo sabo. Bayan takardu sun daidaita ne ake rubuta baucar biya, a liƙa mata su duka. Idan cinikin yana cikin waɗanda doka ta ce mai biya ya cire haraji ya kai wa hukuma, a kan adadin da aka gyara ake lissafa shi. Da an biya sai a buga wa takardun hatimin biya don kada su sake zagayowa.

Wasu kayan ba sa ƙirguwa daidai, kamar yashi da tsakuwa da man gas. Don haka kamfanoni kan rubuta ɗan rangwamen da akanta zai iya wucewa ba tare da tambaya ba. Dole rangwamen ya kasance a rubuce kuma ƙarami, kuma bai shafi kayan da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya ba.

Kayan da suka zo kashi-kashi

Buhu 20 ɗin da suka rage suna nan a buɗe a kan oda 0412. Idan dilan ya cika su daga baya, za a rubuta musu sabuwar takardar karɓa, shi kuma ya kawo inbois na buhu 20 kawai. A irin wannan wuri ake yawan biya sau biyu, musamman idan mai kaya ya sake aiko da inbois na buhu 600 gaba ɗaya, ko ya turo hoton tsohon ta waya ya kuma kawo na asali da hannu. Maganinsa shi ne a riƙe lissafin kowace oda: nawa aka nema, nawa aka karɓa zuwa yanzu, nawa aka biya. Abin da aka biya bai taɓa wuce abin da aka karɓa ba, kuma kowace takardar karɓa sau ɗaya ake biya da ita.

Iyakar wannan bincike

Ƙarfin hanyar yana kan cewa mutane daban-daban ne suka rubuta takardun. Idan wanda ya ba da oda shi ne ya karɓi kaya, ko shi ne zai tura kuɗi, takardun za su dace ko da babu buhu ɗaya da ya iso. Haka nan idan mai sito ya haɗa baki da direba ya rubuta 600 a madadin 580, akanta ba zai gani a takarda ba. Ƙirgen bazata a sito da odita ke yi shi ke bankaɗo irin wannan.

Gwajin kuma ba ya nuna ko farashin da ke cikin odar kanta an kumbura shi, wannan sai ta hanyar neman farashi daga dilolin da suka fi ɗaya kafin a ba da oda. Ba ya kuma kare kuɗi daga asusun bogi. Idan inbois ya zo da lambar asusu da ta saɓa wa wadda ke cikin fayil ɗin dila, a kira shi ta lambar wayar da aka sani tun da, ba wadda ke kan sabuwar takardar ba. A aikin da ba kaya ba ne, kamar gyaran janareto, takardar shaidar kammala aiki daga wanda ya duba shi ita ke tsayawa a matsayin takardar karɓa.

Ƙaramar sana'a ma tana iya bin wannan tsari da littattafai biyu masu lamba da kwafi, ɗaya na oda, ɗaya na karɓar kaya, muddin suna hannun mutum biyu. Inbois ɗin da ba shi da oda a bayansa, ko ba shi da shaidar karɓa, bai cancanci biya ba tukuna, komai daɗewar hulɗa da mai kayan.