Kan Wasiƙar Gayyata: Haruffan Farko Su Ne Jari

Akasarin ma'aikata a waya suke duba imel, wani a cikin mota, wani yana tsakiyar wani aikin. Allon waya kuwa ƙarami ne. Manhajoji irin su Gmail da Outlook kan nuna haruffa kamar 30 zuwa 40 na kan saƙo, su datse sauran. Duk abin da aka ajiye a ƙarshe, sai wanda ya buɗe saƙon zai gan shi.

A ce sakataren wata ƙungiya ya rubuta: "Takardar gayyata zuwa taron kwamitin kuɗi kan kasafin baɗi ranar Talata". A waya, rubutun zai yanke ne a wajen "kwamitin". Mamba bai san wane kwamiti ba ne, bai san batun ba, balle ranar, don haka sai ya ce bari sai an jima. Da sakataren ya rubuta "Taron kasafi, Talata 14 Oktoba, 10:00", haruffa 37 ke nan har da tazara, kuma kallo ɗaya ya wadatar. Gaisuwa da girmamawa ba a zubar da su ba, wurinsu cikin wasiƙar ne.

Kalmar "gobe" tana da haɗari, domin wanda ya buɗe saƙon washegari zai zo taron da aka riga aka tashi. Haka ma 3/4, wadda a Najeriya take nufin 3 ga Afrilu, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Gara a rubuta sunan watan. In mahalarta suna ƙasashe daban-daban, a faɗi agogon da ake nufi: ƙarfe 10 na safe a Kano ko Maraɗi, ƙarfe 9 ne a Kumasi, 11 a Khartoum.

Sai dai dokar tana sauyawa idan ta Google Calendar aka aika gayyatar. Ita da kanta take sa "Invitation:" a farko, ta kuma liƙa rana da lokaci bayan sunan taron. A nan sunan kaɗai ya isa, kamar "Amincewa da kasafin baɗi". In aka cusa rana a cikin sunan, sannan aka ɗage taron, kalandar za ta gyara lokacin amma tsohuwar ranar tana nan a sunan, mutane su rasa wacce za su bi.

Abin da ya fi ɓata lamari shi ne amsa tsohon saƙo don kiran sabon taro. Kan zai fito da "Re:" a gaban tsohon batu, Gmail kuma ta jera shi ƙarƙashin tsohuwar hirar, mai karɓa ya ɗauka maganar da aka gama ce. Alamarsa ita ce a yi ta cewa ba a ga gayyata ba, alhali tana cikin akwatin kowa. Sabon taro yana buƙatar sabon saƙo, in kuma ɗagewa aka yi, a fara kan da "An ɗage:" sai sabuwar ranar ta biyo baya.