Maniyyi: Kwana Nawa Yake Rayuwa, Me Ke Raunana Shi?

A cikin jikin mace, ƙwayoyin maniyyi kan yi har kwana 5 da rai, muddin sun tarar da farin ruwan nan mai yauƙi da ke fitowa gab da sakin ƙwai. Shi kuwa ƙwan, bai cika wuce awa 24 ba. Shi ya sa saduwar ranar Litinin kan iya zama ciki ranar Juma'a. A waje kuwa, da zarar maniyyi ya bushe, ƙwayoyin sun mutu.

Haɗa ƙwayar maniyyi a maraina na ɗaukar wata biyu da rabi, kuma aikin ba ya son zafi. Idan zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya kwantar da magidanci a Janairu, gwajin Fabrairu na iya nuna ƙarancin ƙwayoyi. Sai a jira wata 3 a sake. Taba, ƙiba da ciwon sanyin da ba a magance ba su ma suna yin lahani.

Abin takaici, mace ake ɗora wa laifi, alhali a kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun namiji. Kaurin maniyyi ko ƙarfin saduwa ba shaida ba ne. Gwajin asibiti ne ke nuna yawan ƙwayoyin da motsinsu.