CIZON MAHAUKACIN KARE: DON ME AKE GAGGAUTA ZUWA ASIBITI?

Ciwon haukan kare cuta ce da mutum ke ɗauka daga dabba, kuma a ƙasarmu kusan kullum kare ne ke kawo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Cikin mutum 10 da karen da ake zargi ya ciza, wajen 4 yara ne waɗanda ba su kai shekara 15 ba. A gari irin Suleja ta Jihar Neja, inda karnukan gadi da na farauta da na yawon bola ke cuɗanya da jama'a, wajibi ne kowane magidanci ya san yadda cutar ke tafiya cikin jiki.

Daga Wurin Cizo Zuwa Ƙwaƙwalwa

Ƙwayar cutar tana cikin miyan dabbar da ta kamu. Idan haƙori ya huda fata, ko karen ya lashi ƙurji ko rauni, sai miyau ya shigar da ita. Ba ta bin jini kamar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Takan fara zama cikin tsokar da ke wurin cizon tana hayayyafa a hankali, mutum bai ji kome ba, har ma raunin ya warke.

Daga nan sai ta shiga jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin gaɓoɓi da laka. Ta bi su tana hawa, ta isa laka, ta zarce ƙwaƙwalwa. Can ne take yaɗuwa da sauri, sa'an nan ta sake bin jijiyoyi ta gangaro zuwa inda ake yin miyau a baki. Abin da ya sa kare ke fara cizo daidai lokacin da miyansa ya cika da cuta ke nan.

Abin lura shi ne, muddin ƙwayar tana cikin tsoka, garkuwar jiki na iya kashe ta. Da zarar ta yi nisa cikin jijiya kuwa, ta shiga mafakar da garkuwa ba ta cika isa ba.

Tsawon Lokacin da Take Ɓoye

Tsakanin cizo da bayyanar ciwo yakan ɗauki wata 2 zuwa 3, amma yana iya zama mako 1 kacal, ko ya kai shekara. Bambancin ya dogara ga nisan tafiyar da yawan ƙwayar da ta shiga. Cizo a fuska ko wuya ya fi na ƙafa saurin kisa, domin ƙwaƙwalwa na kusa. Yatsun hannu ma wuri ne mai haɗari saboda yawan jijiyoyinsu. Yaro kuwa, da yake gajere ne, sau da yawa a kai ko a fuska kare ke samunsa. Saboda haka kada warkewar rauni ta ruɗi kowa.

Alamun Ciwon

Yakan fara da zazzaɓi, da ciwon kai, da kasala, har a ɗauka masassara ce. Alamar da ke tona shi ita ce ƙaiƙayi ko zugi ko tsira a wurin tsohon cizon. Bayan 'yan kwanaki sai rashin barci da firgita da ruɗewa. Mara lafiya yana jin ƙishi, amma da ya kai ruwa baki sai maƙogwaronsa ya shaƙe da zafi, har ya zama ganin ruwa kaɗai na razana shi. Ko iskar mafici ta taɓa fuskarsa sai ya zabura. Miyau na dalala don ba ya iya haɗiya. Wannan aikin ƙwayar cuta ne a ƙwaƙwalwa, ba sammu ba ne, ba kuma iskoki ba.

Wajen mutum 1 cikin 5 ba ya yin wannan fizge-fizge. Shi gaɓoɓinsa ne ke shanyewa sannu a hankali, daga wajen cizon, har ya suma. Ko wanne ne, idan alamu sun bayyana, kusan ba mai tashi, kuma ajali yakan zo cikin mako 1 zuwa 2.

Abin da Za A Yi Ranar Cizo

Bari mu ɗauki misali. A ce wani kare da ba a san mai shi ba ya ciji yaro mai nauyin kilo 20 a kumatu ran Litinin, a wata unguwa cikin Suleja.

Da farko, tun a gida, a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara ana cuɗawa har minti 15 cur. Wannan wanki yana rage ƙwayar ƙwarai. In akwai aidin a shafa. Kada a sa toka, ko barkono, ko gashin karen, kada kuma a ɗaure.

Na biyu, a kai shi Babban Asibitin Suleja ko asibiti mafi kusa a ranar. In allurar ba ta samu ba, a nemi a tura shi inda take, kamar Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ko Minna. Ba a ɗinke irin wannan rauni nan take sai dole.

Na uku, allurar rigakafi. Ana yin ta a dantse, ko a cinya ga ƙaramin yaro, ba a ɗuwawu ba. A tsarin allura 5 da aka daɗe ana bi, zai karɓa ran Litinin ɗin, da ran Alhamis, da Litinin ta gaba, sa'an nan rana ta 14, da ta 28. Akwai gajerun tsare-tsare da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2018. Likita ne zai zaɓa. Duk wanda aka ɗora shi a kai, lalle a cika shi.

Na huɗu, tun da haƙori ya huda fata, yana bukatar allurar garkuwa da ake kira imunogulobulin, wadda ake tsikara cikin raunin da kewayensa. Irin wadda ake samu daga jinin mutum, iyakarta awo 20 ga kowane kilo, watau awo 400 ga wannan yaro. Dalilinta shi ne, rigakafin yana bukatar kimanin kwana 7 zuwa 10 kafin jiki ya ƙera garkuwarsa. Ita kuwa shiryayyar garkuwa ce mai tsare wurin kafin nan. In ba a samu ranar farko ba, ana iya yin ta har kwana 7 bayan allurar farko.

Kun ga ke nan tsere ake yi tsakanin ƙwayar da garkuwa. Kowace rana da aka ɓata, ƙwayar ce ta ci ribarta. Tun 1885 Louis Pasteur ya nuna haka a Faransa, sa'ad da ya ceci yaro Joseph Meister da allura bayan cizo. Amma wanda ya makara kada ya ce ya wuce. Ko an yi makonni, matuƙar alamu ba su fito ba, a je a fara. Mai ciki da jariri ma ana yi musu.

Shi Karen Fa?

In an san karen, a tsare shi kwana 10 ana duba shi, a kuma sanar da likitan dabbobi. Kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a fara allura. In ya cika su lafiya lau, likita na iya tsayar da sauran. In ya mutu ko an kashe shi, kada a feɗe shi ko a taɓa shi da hannu tsirara. Ma'aikatan dabbobi ne za su aika da kansa a gwada a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos.

Masu karnuka su kai su rigakafi tun suna wata 3, su riƙa sabuntawa kowace shekara. Iyaye kuma su koya wa yara faɗin gaskiya in kare ko kyanwa ta cije su ko ta yakushe su, kome ƙanƙantar raunin, ba tare da tsoron duka ba. Yaron da ya ɓoye cizo, shi ne wanda ake kaiwa asibiti bayan lokaci ya ƙure.