Yadda ake rubuta wa aboki na ƙasar waje labarin ƙarshen mako

Duk wanda ya fara koyon wani harshe, Turanci ne ko Faransanci ko Larabci, ba ya daɗewa kafin malami ya ce masa: rubuta wa abokinka da ke ƙasar waje imel, ka ba shi labarin yadda ka yi hutun ƙarshen mako. A jarrabawar Turanci ta Kambrij, matakin A2 yana neman saƙo mai kalma 25 ko fiye, matakin B1 kuma wajen kalma 100. Wuri ne ƙarami, kuma yawancin ɗalibai a bakin ƙofa suke cinye shi.

Mu Hausawa mun saba da doguwar gaisuwa a wasiƙa: bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ya mutanen gida, ya sanyi. Wannan ladabi ne mai kyau, amma in ɗalibi ya bi ta haka sai ya kai rabin saƙo bai ce komai a kan Asabar ko Lahadi ba. Gaisuwa layi ɗaya ko biyu ta isa.

Babbar matsalar dai ita ce jero ayyuka. Na tashi, na yi wanka, na karya, na kalli ƙwallo, na kwanta. Ba kuskure ko ɗaya a ciki, amma abokin da ke karatu a Alƙahira shi ma ya tashi ya yi wanka, ba abin da ya ƙaru da shi. Abin da nake gaya wa kowane ɗalibi shi ne ya zaɓi abu guda da ya faru, ya zauna a kansa. Ga yadda zai iya fitowa:

"Aminina, ya karatu? Ranar Asabar mun je Zariya ɗaurin auren yayana. Mun bar Kano da sassafe, sai motarmu ta lalace a Kwanar Dangora. Muka zauna a gindin wata bishiya muna shan rake har bakanike ya gama gyara. Ko da muka isa an riga an shafa fatiha, amma ba mu rasa shinkafa ba! Ranar Lahadi barci kawai na yi saboda gajiya. Kai fa, ina ka je? Rubuto mini. Naka har kullum."

A duba yadda aka raba wurin. Asabar ta samu jimla huɗu domin a nan labarin yake, Lahadi ta samu ɗaya. An faɗi wuri, an faɗi lokaci, an kawo abin da ido zai gani, wato rake da gindin bishiya. An kuma ambaci ranaku da sunansu, kuma da dalili: a Masar da Saudiyya hutun mako Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce. In ka ce "ranar farko ta hutu", kai kana nufin Asabar, shi ya ɗauka Juma'a. Tambayar ƙarshe kuwa ita ke nuna da mutum ake magana, kuma masu duba takarda suna lura da ko an yi wa mai karɓar saƙon magana da gaske.

Sai batun nahawu, inda ɗan Hausa ya fi zamewa idan zai juya wannan labari zuwa Turanci. A Hausa, ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ce ke ɗauke da lokaci: mun je, muka je, za mu je, "je" ɗin bai motsa ba. A Turanci aikatau ɗin kansa ne ke canza siffa, kuma waɗanda aka fi bukata a labarin ƙarshen mako, irin su tafiya da ci da gani da saye, ba sa bin ƙa'idar da aka saba. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya fara jimlar farko daidai a shuɗaɗɗen lokaci, zuwa ta uku ya koma lokacin yanzu bai sani ba. Maganin mai sauƙi ne: in ka gama, ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, ka tambayi kanka ko siffar jiya ce. Gaisuwa da tambayar yadda yake ne kaɗai za su zauna a lokacin yanzu.

Kada a sa adireshi da kwanan wata a sama kamar wasiƙar takarda, imel yana ɗauke da nasa. A cike gurbin take da kalma biyu ko uku, misali "Bikin Zariya". A guji taƙaita kalmomi irin na hirar waya, domin saƙon zumunci ne amma maki ake bayarwa. A ƙasa kuma sunan yanka kawai ake sawa, ba cikakken suna da sa hannu ba.

Malamai, in za ku ba da wannan aiki, ku fara sa kowane yaro ya faɗi da baki abu ɗaya da ya same shi a ƙarshen mako kafin ya ɗauki biro.